Kambas ɗin da na saya na gaske ne ko jabu?

*"Assalamu alaikum. Na sayi kambas na gudu a intanet. Kwalinsa da tambarinsa sun yi daidai da hoton kamfani, amma sati uku kacal sol ɗin ya zauna, gwiwata ta fara ciwo. Abokina ya ce jabu aka sayar mini. Don Allah ta yaya mutum zai gane tun kafin ya biya, a intanet ne ko a kasuwa?"*

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Daga abin da ka faɗa, ina kyautata zaton abokinka yana da gaskiya, domin sol na kirki ba ya zama cikin sati uku ko da kullum kake gudu. Na daɗe ina saye da sayar da takalman wasanni, ina kuma gyara su, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne mai yin jabu yana kashe kuɗinsa a inda ido ke kaiwa. Kwali, tambari, kala da igiya su ne ake gani a hoto, saboda haka su yake gyarawa har su fi na kamfani sheƙi. Abin da ke cikin sol kuwa babu mai ganinsa sai ƙafa ta taka, kuma a nan yake cin ribarsa. Kai ka duba wurin da ya shirya maka ka duba, shi ya sa ka faɗa.

Kada ka ɗauka kai kaɗai ne. Rahoton da ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD ta fitar tare da ofishin kare haƙƙin fasaha na Tarayyar Turai a 2019 ya nuna cewa a cikin kayan jabu da jami'an kwastan na duniya suka kama, takalmi ne ya zo na ɗaya, da kashi 22 cikin ɗari na darajarsu. Akwai garin Putian a lardin Fujian na ƙasar Sin, inda aka daɗe ana yi wa manyan kamfanoni takalma, sai mutanen wurin suka ƙware, garin kuma ya yi suna wajen kwaikwayo. Wannan ya sa jabu ya zama hawa-hawa. Akwai na banza wanda yaro ma zai gane daga nesa, akwai na tsakiya wanda sai an juya shi a hannu, akwai kuma wanda aka yi da injina irin na kamfani, wanda ko ni sai na ajiye na gaske a gefensa kafin in yi magana.

Fara da takardar da ke ƙarƙashin harshe

Kowane takalmin kamfani yana da 'yar takarda manne a bayan harshensa ko a gefen ciki. A jikinta akwai lambar ƙafa, ƙasar da aka yi shi, da wata lamba da ke nuna samfurin da kalarsa. Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi amfani. A takalman Nike haruffa da lambobi ne guda shida, sai karan ɗori, sai lambobi uku na kala. Farin Air Force 1 na maza, alal misali, lambarsa CW2288-111, shi kuma Dunk mai fari da baƙi wanda ake kira Panda lambarsa DD1391-100. A Adidas haruffa da lambobi ne guda shida kawai, kamar B75806 na farin Samba. Abin yi ba wuya: ka rubuta lambar a Google ka duba hotunan da za su fito. Idan lambar ta gaske ce, takalmi ɗaya mai kala ɗaya za ka yi ta gani daga shaguna daban-daban. Idan wani takalmi ya fito, ko ba abin da ya fito, magana ta ƙare. Sannan lambar da ke cikin takalmin dole ta zama ita ce a jikin kwali, kuma ƙafar dama da ta hagu su yi daidai.

Wani saurayi ya taɓa kawo mini farin Air Force 1 da ya saya a hannun wani ɗan kasuwa, yana so in sanya masa farashi zai sayar. Fatar ta yi kyau, ɗinkin ma ba laifi. Na ɗaga harshen sai na ga DD1391-100. Na ce masa, "Samari, wannan lambar ta wani takalmi ce daban, ko kamanni ba su yi ba." Masu yin na arha sukan buga takarda iri ɗaya da yawa su yi ta liƙawa a duk abin da ya fito daga injin, tunda sun san ba mai karantawa. Da na ƙara dubawa sai na ga an rubuta US 9, an kuma rubuta EUR 43. A ma'aunin Nike na maza, US 9 yana tafiya ne da UK 8, EUR 42.5 da santimita 27. Adidas kuma nasu daban ne, US 9 a wurinsu UK 8½ ne, lambar Turai kuma 42⅔. Kowane kamfani yana da jadawalinsa a shafinsa, kuma ba ya saɓa wa kansa. Duk wannan bai ɗauke ni minti biyu ba, yaron ya tafi ransa a ɓace.

Sai dai ga inda mutane ke ruɗewa. Lamba tana iya tabbatar maka cewa takalmi jabu ne, amma ba ta iya tabbatar maka cewa na gaske ne. Mai yin jabu na sama yana sayen na gaske guda ɗaya, ya kwafe takardarsa harafi da harafi. Haka ma ɗan murabba'in nan da ake haskawa da waya: idan ya kai ka shafin kamfani, abin da ya nuna kawai shi ne an kwafe shi daidai. Ka ɗauki lamba a matsayin rariya ta farko, mai tace manyan tsakuwa.

Tunda muna kan takardar, bari in kawar da wani kuskure. Ganin "Made in China" ko "Made in Vietnam" ba alamar jabu ba ne. Yawancin takalman Nike da Adidas na gaske a Biyetnam, Indonesiya da Sin ake yin su. Ni abin da ke ɗaga mini hankali ma shi ne in ga an rubuta "Made in USA" a jikin Nike na yau da kullum. New Balance ne ke da wasu samfura da yake yi a Amurka da Ingila, kuma waɗannan sanannu ne, sun fi sauran tsada.

Sol, inda gaskiyar take

Takalmin wasa kashi uku ne: saman da ke rufe ƙafa, robar ƙasa da ke taɓa hanya, da soson da ke tsakaninsu. Wannan soso na tsakiya shi ne takalmin, musamman ga mai gudu, domin shi ke shanye nauyin jiki duk lokacin da diddige ya sauka. Soson da aka fi sani sunansa EVA, yana da arha, kuma shi ma hawa-hawa ne. Manyan kamfanoni suna da nasu na musamman. Boost na Adidas, wanda ya fito a 2013 tare da kamfanin sinadarai na BASF, ƙananan ƙwallayen roba ne da aka hura aka manne su da tururi. ZoomX na Nike kuma daga wani sinadari ne mai suna Pebax, mai sauƙin nauyi ƙwarai da saurin dawowa. Waɗannan kayan suna da tsada, samun su ma ba sauƙi, sai mai jabu ya zuba EVA mai arha a cikin mazubi mai siffar na gaske. A ido abu ɗaya ne. A ƙafa kuwa, ƙananan kumfan iskar da ke cikin soson banza suna fashewa su lotsa, ba su sake tashi. Abin da ya sami naka ke nan. Idan sol ya zauna, ba ya zama daidai, yakan fi lotsawa ta gefen da kake jingina nauyi, sai ƙafar ta riƙa sauka a karkace, gwiwa ta ɗauki abin da soso ya kamata ya ɗauka. Shawarata ka daina gudu da shi tun yau, idan kuma ciwon bai lafa ba bayan ka huta, ka je a duba gwiwar.

To, yaya ake gwada sol a hannu? Ka sa babban yatsa ka danna gefen soson da ƙarfi a wajen diddige, ka saki. Na kirki yana shiga, ya dawo nan take ya cike gurbin. Na banza ko dai ya ƙi shiga kamar katako, ko ya shiga ya bar alamar yatsa tana dawowa a hankali. Idan Boost ne, ka kusanto da shi ido. A na gaske ƙwallayen ba girmansu ɗaya ba, kowane da siffarsa, kuma za ka ga da gaske manne suke da juna. A jabu na arha zane ne kawai aka buga a fuskar soso guda, ƙwallayen a jere iri ɗaya, layukan tsakaninsu ba zurfi.

Daga nan ka riƙe takalmin da hannu biyu ka lanƙwasa. Takalmin gudu na yau da kullum yana lanƙwasa ne a gaba, daidai inda yatsu ke haɗuwa da tafin ƙafa. Idan ya naɗe a tsakiya kamar silifa, babu abin da ke riƙe da shi. Ka kuma matse bayan diddigen da yatsu biyu. A yawancin takalman gudu akwai wani tauri a ciki da ke riƙe diddige, idan ya lotse kamar kwali da ya sha ruwa to an yi ƙwauron kaya. Waɗanda ke da jakar iska a sol, irin su Air Max, iskar a matse take. Ka danna tagar da ake gani: ta gaske tana ɗan shiga ta turo yatsanka, ta jabu sau da yawa roba ce daskararra, ko leda mai laushi da ba komai a ciki.

Abin da na fi dogara da shi kuma shi ne sikeli. Wata baiwar Allah mai shirin gasar dogon zango ta taɓa kawo mini Vaporfly da ta saya a wani shafin intanet da ragi mai yawa. Wannan takalmin tsere ne mai soson ZoomX da farantin kabon a ciki, Nike ta fara fitar da shi a 2017. Na bincika lambar, ta fito daidai. Kwali daidai, takarda daidai, ɗinki tsaf. Da a hoto aka turo mini da na ce ta saya. Amma ina ɗaukarsa hannuna ya gaya mini akwai magana. Ƙafa ɗaya ta wannan takalmin a matsakaiciyar lambar maza ba ta wuce kusan giram 200, nata kuwa ƙarami ne, ya kamata ma ya gaza haka. Na ɗora shi a ƙaramin sikeli, ya haura da nisa, kuma ƙafar hagu ta fi ta dama nauyi a fili. Na gaske ma sukan ɗan bambanta da 'yan giram kaɗan, amma ba irin wannan ba. Sai na gwada lanƙwasa shi. Takalmi mai farantin kabon yana ƙin lanƙwasa, sai ka sa ƙarfi sosai, kuma yana fizgewa ya miƙe. Nata ya naɗe a hannuna salin-alin. Na ce mata, "Hajiya, ko dai leda aka sa a maimakon kabon, ko ba a sa komai ba." Ta ce ai mai shafin ya turo mata rasit. Rasit kuwa ya fi takalmi sauƙin bugawa.

Kamfanoni da shagunan kayan gudu suna rubuta nauyin kowane samfuri a shafinsu, tare da lambar ƙafar da aka auna. Ka duba kafin ka fita, ka rubuta a wayarka.

Ɗinki da gam da wari su ne abin da kowa ke fara ambata, ni kuwa a baya nake sa su. Ka zare shimfiɗar ciki ka duba ɗinkin da ya zagaye ƙasan takalmin, wanda ya haɗa sama da ƙyallen ƙasa. A na kamfani tazarar zaren daidai take tun daga gaba har baya, a jabu takan yi tsalle, wani wuri ma gam kawai aka shafa. Wari mai hawa kai irin na fetur ko fenti shi ma alama ce ta gam mai arha. Amma ɗan ɗigon gam a bakin sol, ko zare ɗaya da ya fito, ba hujja ba ne. Ana yin takalman nan miliyoyi, kuma na sha ganin na gaske da ya fi jabu ƙazantar gam. Wanda ya ƙi takalmi saboda ɗigon gam, ya karɓi wani saboda tsabtarsa, zai iya mayar da na gaske ya ɗauki na ƙarya.

Idan a intanet ne

A nan ba ka da yatsa ba ka da sikeli, saboda haka mai sayarwar za ka auna. Farashi ne farkon abin dubawa. Takalmin da ya kwana biyu, ko kalar da ba ta karɓu ba, ana yi masa ragi na gaske, wani lokaci har rabi. Amma samfurin da ya fito kwanan nan, wanda ya ƙare a shafin kamfanin kansa, a ce wani yana da shi a kowace lamba da kowace kala kuma a kashi ɗaya bisa uku na kuɗinsa, ka tambayi kanka daga ina ya samo abin da mai shi ma ba shi da shi. Samun kowace lambar ƙafa ya fi arhar farashin tona asiri. Mai sayar da na gaske da ya yi wuya yakan ce maka saura ƙafa biyu, lamba kaza da kaza.

Za su ba ka labari iri-iri: rarar masana'anta ce, ta ƙofar baya aka fito da shi, daga injin kamfani ɗaya ya fito sai dai ba a biya haraji ba. Idan ka ga an rubuta "UA", "1:1", "AAA" ko "replica" a tallan, mai kayan ya riga ya gaya maka jabu ne da yarensu. Akwai takalman kamfani masu ɗan aibi da ake sayarwa da rahusa, amma kamfanin ne ke fitar da su ta shagunansa na ragi, kuma yakan buga musu alama.

Kada ka yarda da hoton da ya yi kyau da yawa, mai farin bango da haske ta ko'ina, domin daga shafin kamfani aka ɗauko shi. Ka ce ya ɗauko maka takalmin da zai aiko maka, ya ajiye takarda a gefe da sunanka da kwanan watan ranar rubuce da hannu. Ka nemi hoton takardar harshe ta ƙafa biyun, takardar gefen kwali, ƙasan sol, bayan diddige, da cikin takalmin bayan an zare shimfiɗa. Idan yana da sikeli, ya ɗora ƙafa ɗaya ya ɗauka. Mai gaskiya ba ya jin nauyin wannan, minti biyar ne. Mai jabu zai ce kayan suna sito, ko ya ce duk iri ɗaya ne, ko ya fara fushi wai ba ka yarda da shi ba. Hotunan da ya turo kuma ka saka su a Google Lens, manhajar da ke bincike da hoto. Idan hoton nan guda ya fito a shafuka goma na mutane daban-daban, ba nasa ba ne.

Shafin kansa ma ana bincikarsa. Masu damfara sukan haɗa sunan kamfani da wata kalma kamar "outlet" ko "sale" su buɗe shafi mai kama da na asali. Ɗan kwaɗon da ke gefen adireshi ba ya nufin masu shafin mutanen kirki ne, kowa na iya samunsa kyauta. Ka saka adireshin a WHOIS, wurin binciken rajistar adireshin intanet, ka ga ranar da aka yi masa rajista. Shagon da ke cewa ya shekara goma yana ciniki amma adireshinsa wata biyu da buɗewa, ka san inda ya dosa. A manyan kasuwannin intanet kuma, inda mutane da yawa ke sayarwa a ƙarƙashin inuwa ɗaya, ka duba sunan wanda ke sayar da wannan takalmin takamaimai, domin sunan kasuwar ba shi ne nasa ba. Wajen karanta ra'ayin masu saye, ka tsallake yabon ka tafi wurin masu ƙorafi, musamman waɗanda suka sa hoto bayan wata ɗaya ko biyu da sawa.

Akwai kasuwannin da ke tantance takalmi kafin ya iso ga mai saye, kamar StockX da GOAT, eBay ma ta fara yin haka a 2020. Wannan yana rage haɗari sosai idan ta hannunsu ka saya kai tsaye. Amma alamar da suke rataya wa takalmin ita ma ana kwaikwayonta, saboda haka idan wani can ya nuna maka takalmi da alamar tana reto, bai nuna maka komai ba.

Hanyar biya ita ce kariyarka ta ƙarshe. Ka biya ta hanyar da ke ba ka damar kai ƙara a dawo maka da kuɗi, kamar katin banki ko tsarin biyan kasuwar kanta. Tsarin biyan kuɗi na PayPal, alal misali, yana ba mai saye wa'adi ya shigar da ƙorafi, amma ban da kuɗin da aka tura a matsayin na 'yan'uwa da abokai, shi ya sa masu jabu ke son a tura musu ta nan. Duk wanda ya ce ku fita daga kasuwar ka tura masa kai tsaye zai rage maka, kariyar yake so ya raba ka da ita. Ranar da kaya suka iso, ka kunna bidiyo tun kafin ka yanke ledar, ka nuna takardar aikawa, ka buɗe, ka nuna lambobin. Kada ka taka shi a waje sai ka gama gwajin yatsa da na sikeli, domin da zarar ƙasan ya yi datti mayarwa ta yi wuya.

Iyakar abin da ido da hannu ke iyawa

A kasuwa kana da damar taɓawa, amma ka fito da takalmin waje cikin hasken rana, ka kuma tabbatar wanda ka duba shi aka sa maka a leda, domin akwai masu ajiye na gaske guda ɗaya don nuni. Idan kana da tsohon na gaske irinsa, ka tafi da shi. Ko ya tsufa, siffar diddige, wurin da tambari ya zauna da zanen ƙasan sol ba sa canzawa, kuma bambancin da ba ka gani a takalmi ɗaya yakan fito fili idan biyu suna gefe da gefe.

Duk da haka akwai jabun da zai wuce duk waɗannan gwaje-gwajen, musamman a takalman ado na fata irin su Air Force 1 da Dunk, waɗanda ƙirarsu ta shekarun 1980 ce, babu wani soso na musamman da zai gagari mai kwaikwayo. A irin waɗannan, masu tantancewa na sana'a ma suna kuskure, ni ma na taɓa yi. Akasin haka ma yana faruwa: kamfani ɗaya yana yin samfuri ɗaya a masana'antu daban-daban, sai ka ga ƙafa biyu na gaske sun ɗan saɓa a kala ko rubutun takarda. Na gwanjo kuma yana iya zama na gaske ɗari bisa ɗari amma soson ya riga ya mutu, tunda takalmin gudu na yau da kullum yakan gaji tsakanin kilomita 500 zuwa 800. Wani irin sol ma yana ruɓewa a ajiye ko ba a taɓa sa shi ba, bayan shekaru ya fara marmashewa.

Saboda haka nake raba shawarata biyu. Takalmin yawo, idan ka yi gwajin lamba da na hannu ya wuce, kana iya saye a inda ka ga dama, asarar ba ta wuce kuɗi. Takalmin da za ka yi gudu ko ƙwallo da shi kuwa, ka saya a shafin kamfanin, ko shagonsa, ko dillalin da kamfanin ya amince da shi. Idan kuɗin sabon samfuri ya yi maka yawa, ka nemi na bara, wanda ake karya farashinsa da zarar sabo ya fito, kuma sau da yawa soson ciki iri ɗaya ne ko kusa da haka. Wanda ke hannunka yanzu, ka ɗauki hoton takardar harshensa da wurin da sol ɗin ya lotsa, ka auna nauyinsa ka gwada da abin da kamfani ya rubuta, ka haɗa da shaidar biya ka shigar da ƙorafi a inda ka saya tun wa'adin bai wuce ba.